Nawa Manhajar Hira Take Ci a Wata?

Duk ɗan kasuwar da saƙonni suka yi wa yawa a WhatsApp ya taɓa jin wannan tayi: a haɗa masa manhajar da za ta riƙa amsa wa abokan ciniki dare da rana, ta faɗi farashi, ta bayyana lokacin buɗe shago, ta karɓi odar kaya. Kuɗin haɗawar sau ɗaya ake biyan sa, kuma ana zama a yi ciniki a kansa. Wanda ba a cika yin maganarsa ba shi ne kuɗin da zai riƙa fita kowane wata, domin akasarin waɗannan manhajoji ba su da ƙwaƙwalwar kansu. Duk lokacin da saƙo ya shigo, sai su tura shi ta intanet ga wani babban injin ƙirƙirarriyar basira na kamfani irin su OpenAI ko Anthropic ko Google, injin ya rubuto amsa, kamfanin kuma ya rubuta abin da yake bi. Ana iya sanin wannan kuɗi tun kafin a fara, da biro da takarda, in dai an san abin da ake ƙirgawa.

Kamfanonin ba saƙo suke ƙirgawa ba, ba kuma kalma ba. Ma'auninsu shi ne tokin, wato guntun rubutu da injin yake yanka magana a kai kafin ya karanta ta. Wani tokin kalma ce sukutum, wani rabin kalma, wani ma alamar tambaya ce kaɗai. A Turanci, ƙiyasin da aka saba yi shi ne haruffa huɗu ga tokin ɗaya, wato kalma 75 za su ba da tokin kusan 100. Wannan ƙiyasi ba ya aiki ga Hausa. An tsara hanyar yankan ne daga rubuce-rubucen da Turanci ya fi yawa a cikinsu, saboda haka kalmar Turanci da aka saba gani takan wuce a matsayin tokin guda, ta Hausa kuwa a daddatsa ta gida biyu ko uku. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan ƙara yawan yankan, don kowannensu yana cin gurbi biyu a ma'ajiyar kwamfuta inda b da d da k suke cin ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, bayani iri ɗaya ya fi tsada da Hausa. Wanda ya yi lissafinsa da ƙiyasin Turanci ya yi ƙasa da gaskiya tun daga layin farko, kuma duk abin da ya ninka daga baya zai gaji wannan gibin.

Abu na biyu shi ne farashi biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai na tokin da aka tura wa injin ya karanta, akwai na tokin da ya rubuto, kuma na rubutawa ya fi tsada, yawanci ninki huɗu ko fiye. Ana faɗin kowanne a kan tokin miliyan ɗaya. Da Anthropic ya fitar da Claude 3.5 Sonnet a watan Yunin 2024, farashinsa dala 3 ne na shiga, dala 15 na fita. Wata guda bayan haka OpenAI ya fitar da ƙaramin injinsa GPT-4o mini a kan senti 15 na shiga da senti 60 na fita. Farashin yana sauyawa, sababbin injina suna fitowa, don haka ranar da mutum zai yi nasa lissafin sai ya buɗe shafin kamfanin ya ga na ranar. Amma waɗannan biyu sun isa mu yi aiki da su, ɗaya babba ɗaya ƙarami.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani mai sayar da taki da iri da maganin feshi ne a Kano, manoma da dillalai suna tuntuɓar sa ta WhatsApp. Ya duba wayarsa ya ga mutum kamar 300 ne ke yi masa magana a rana, wato hira 9,000 a wata mai kwana 30. A kowace hira, mai saye yakan turo saƙo shida a ba shi amsa shida. A ce an auna an ga saƙon mai saye yana kai tokin 40, amsar manhaja kuma tokin 150. Waɗannan alƙaluma na misali ne, kowa zai sa nasa a gurbinsu.

Lissafin da yake fara zuwa wa kowa a rai mai sauƙi ne. Hira 9,000 sau shida ya ba da saƙo 54,000. A ninka da 40, tokin shiga ya kama miliyan 2.16, kuɗinsa dala 6 da rabi a farashin babban injin. Amsoshi 54,000 sau 150 kuma tokin miliyan 8.1 ne, kuɗinsu dala 121 da rabi. Jimilla dala 128 a wata. Lissafin ya yi kyau a ido, ba kuskuren tarawa ko ninkawa a cikinsa, amma bai kai kashi ɗaya bisa uku na abin da za a biya ba. Abu biyu ya bari a baya.

Na farko shi ne takardar umarni. Injin bai san shagon nan ba, bai san farashin buhun yuriya ba, bai san cewa ba a ba da bashi ba. Sai an rubuta masa duk wannan: sunan shago, irin harshen da zai yi magana da shi, jerin kaya da farashinsu, abin da zai ce idan an tambaye shi abin da bai sani ba, da lokacin da zai miƙa mai saye ga ɗan Adam. Mai saye ba ya ganin wannan takarda, amma tana tafiya tare da kowane saƙo, ana kuma biyan kuɗin karanta ta kowane karo. A misalinmu mu ce tokin 1,200 ce, wadda ba ta ma yi tsawo ba ga shagon da ke da kaya iri-iri.

Na biyu shi ne injin ba ya tuna abin da aka faɗa masa minti ɗaya da ya wuce. Kamar alƙali ne da ake sauyawa a kowane zaman kotu, sai an karanta wa sabon duk abin da ke cikin fayil tun daga shafin farko kafin ya ce uffan. Idan manomi ya tambayi farashin taki a saƙon farko, sannan a na huɗu ya ce, "To Alhaji, in na ɗauki goma nawa za ka bar mini?", injin ba zai san goman me ake nufi ba sai an haɗa masa da duk abin da ya gabata. Manhajar ce ke yin wannan haɗawa a ɓoye. Abin da ya fi ba mutane mamaki a nan shi ne amsoshin da injin ya rubuta da kansa su ma ana mayar masa da su, a sake biyan kuɗinsu, wannan karon a farashin shiga.

Yanzu mu bi hira guda ɗaya a hankali. A saƙon farko ana tura takardar umarni da saƙon mai saye, tokin 1,240. Injin ya amsa da 150. A saƙo na biyu ana tura takardar umarni, da saƙon farko, da amsarsa, da sabon saƙo, wato an ƙara 190 a kan na baya, ya zama 1,430. Haka zai yi ta hawa da 190 a kowane mataki: 1,620 a na uku, 1,810 a na huɗu, 2,000 a na biyar, 2,190 a na shida. Idan aka tara su duka, hira ɗaya ta ci tokin shiga 10,290, alhali abin da manomin ya rubuta da yatsunsa tokin 240 ne kacal. Tokin fita bai canja ba, yana nan 900.

A ninka 10,290 da hira 9,000, a samu tokin miliyan 92.6 a wata, wanda a dala 3 ya kama kusan dala 278. A ɗora dala 121 da rabi na amsoshi, jimilla ta tashi dala 399, mu ce 400. Ɓangaren da aka zaci dala 6 da rabi ne shi ya koma mafi girma a cikin kuɗin. Ga wanda yake son ya riƙe hanyar a taƙaice, idan U ita ce takardar umarni, S saƙon mai saye, A amsa, n kuma yawan saƙonni a hira ɗaya:

```
shiga = n × (U + S) + (S + A) × n × (n − 1) ÷ 2
fita  = n × A
```

Sai a ninka kowanne da yawan hira a wata, a raba da miliyan ɗaya, a ninka da farashinsa.

Ɓangaren ƙarshe na layin farko shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan saƙonni. A hira mai saƙo shida, maimaita tarihin hira yana cin tokin 2,850. Idan hirar ta kai saƙo goma sha biyu, ba ninki biyu zai zama ba, zai kai 12,540, fiye da ninki huɗu. Hira mai saƙo ashirin tana cin tokin shiga 60,900 gaba ɗaya, kusan daidai da gajerun hirarraki shida. Shi ya sa tambayar "saƙo nawa kake samu a wata?" ba ta isa ba ita kaɗai. Shaguna biyu za su iya samun saƙo 54,000 kowanne, ɗaya daga mutane masu yawa da ke tambaya su tafi, ɗayan daga mutane kaɗan masu doguwar tattaunawa, kuma na biyun zai biya fiye da na farko nesa ba kusa ba. Mu kuwa ba a san mu da gajeren ciniki ba. Akwai gaisuwa, akwai tambayar iyali da gajiya, akwai tayi da albarka, kafin a zo ga sallamawa.

Yadda muke rubutu a waya ma yana da nasa kuɗin. Mutum zai turo "Slm", ya danna aika. Ya sake turo "Ina wuni Alhaji", ya aika. Sannan ya ce "Akwai kamfa?" Idan an haɗa manhajar ta yadda kowane saƙo da ya faɗo sai ta garzaya wurin injin, to an karanta takardar umarni mai tokin 1,200 sau uku don a amsa tambaya guda, kuma sallamar mai haruffa uku ta ci kusan abin da cikakkiyar tambaya za ta ci. Maganinsa ba wuya: a sa manhajar ta ɗan dakata daƙiƙoƙi kaɗan bayan saƙo ya shigo, ta haɗa duk abin da ya biyo baya ta tura a dunƙule. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya kamata mai shago ya tambayi mai haɗa masa manhaja ƙarara, tun kafin a yi maganar kuɗin aiki.

Da yake lissafin ya fito fili, ana iya ganin inda kuɗin ya taru. A cikin tokin 10,290 na kowace hira, 7,200 na takardar umarni ne, kashi 70 cikin ɗari. A wata, ita kaɗai tana cin dala 194, kusan rabin dukan kuɗin. Hanya biyu ake bi a rage ta. Ana iya tsefe ta a cire surutu, a bar abin da ake bukata, in ta dawo tokin 600 an tsira da dala 97. Ana kuma iya amfani da rangwamen da kamfanonin suke yi wa rubutun da ake maimaita turawa, inda injin yake ajiye farkon saƙon na ɗan lokaci don kada ya sake aikin karanta shi daga tushe. A tsarin da Anthropic ya fito da shi a 2024, karanta abin da aka ajiye yana cin kashi ɗaya bisa goma na farashin shiga, ajiyewar farko tana da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, kuma ajiyar tana gogewa idan aka yi minti biyar ba a taɓa ta ba. Shagon da ke samun saƙo 1,800 a rana yana samun biyu ko uku a kowane minti da rana, don haka ajiyar ba za ta huce ba sai cikin dare. Dala 194 za ta iya saukowa zuwa ashirin da wani abu.

Sai dai hanyoyin biyu suna iya cin karo da juna. Rangwamen ba ya aiki sai rubutun ya kai wani tsawo, wanda ga injin da muke misali da shi tokin 1,024 ne. Wanda ya tsefe takardarsa ta dawo 600 ya fita daga rangwamen, ya biya dala 97 a inda mai takarda 1,200 yake biyan ƙasa da talatin. Haka kuma rangwamen yana bukatar farkon rubutun ya zama iri ɗaya harafi da harafi a kowane karo. Idan mai haɗa manhaja ya sa agogo ko sunan mai saye a saman takardar, kowane saƙo ya zama sabo a idon injin, ajiyar ba za ta taɓa amfani ba. Abin da ke canjawa a ƙasa ake sa shi.

Tarihin hira kuma ana yi masa iyaka. Ana iya cewa saƙonni shida ko takwas na ƙarshe kawai za a riƙa turawa, ko a taƙaita tsofaffin a layi biyu. Akwai haɗari a nan, don idan aka yanke da yawa manhajar za ta manta da adadin buhunan da aka ambata a farko ta sake tambaya, mai saye kuma ya ji haushi. Su ma amsoshin suna da daraja biyu: duk tokin da aka rage a amsa an rage shi a farashin fita mai tsada, an kuma rage shi a duk maimaicin da zai biyo baya.

Amma babu abin da yake motsa lissafin kamar zaɓin injin. Waɗannan alƙaluma dai, idan aka sa su a farashin ƙaramin injin, shiga ta zama dala 14, fita dala 5, jimilla ƙasa da dala 19 a wata, a maimakon 400. Yawan tokin zai ɗan bambanta saboda kowane kamfani da irin yankansa, amma tazarar ninki ashirin ba za ta rufe ba. Ba zan ce kowa ya ruga ga ƙarami ba. Ƙananan injina sun fi yin tuntuɓe a Hausa, sukan cakuɗa ta da Turanci ko su ɓata ma'ana, kuma a shagon maganin feshi amsar da ta kuskure ma'aunin magani tana iya ƙone gonar mutum. Abin da ya dace shi ne a kwashi tambayoyi na gaske kamar ɗari daga tsofaffin saƙonnin shagon, a ba injinan biyu, wanda ya san sana'ar ya zauna ya karanta amsoshin. Idan ƙaramin ya iya da farashi da lokutan buɗewa, sai a bar masa su, a riƙa tura masu wuyar ga babban ko ga ma'aikaci.

Wannan gwaji yana da amfani na biyu, don shi ne zai ba da ainihin ma'aunin tokin na Hausar da abokan cinikin shagon suke rubutawa. Kowace amsa da ta fito daga injin tana zuwa da ɗan rahoton abin da ta ci. A tsarin Anthropic ana ganin sa da sunayen `input_tokens` da `output_tokens`, a tsarin hira na OpenAI kuma `prompt_tokens` da `completion_tokens`. Mai haɗa manhaja yana iya fitar da waɗannan lambobi cikin sauƙi, kuma su ne ya kamata su maye gurbin 40 da 150 da 1,200 na misalinmu.

Akwai kuɗaɗen da ba na tokin ba, waɗanda su ma a wata suke fita. Manoma da yawa ba sa rubutu, murya suke turowa, kuma sai an mayar da ita rubutu kafin injin ya karanta. OpenAI ya sa wa wannan aiki, da injinsa Whisper, farashin dala 6 a kan minti dubu. Idan kowace hira tana da murya ta minti biyu, minti 18,000 ke nan a wata, dala 108, wanda ya ninka kuɗin ƙaramin injin fiye da sau biyar. Akwai hayar kwamfutar da manhajar take zaune a kai, akwai kuma abin da Meta yake karɓa a kan saƙonnin talla da sanarwa da kamfani ya fara aikawa ta WhatsApp. Kowanne a ba shi layinsa a takardar lissafi, kada a cusa shi cikin na tokin.

Daga nan sai canji. Kamfanonin da dala suke karɓa, shagon kuwa da naira yake ciniki. Idan dala tana naira 1,500, dala 400 ta zama naira 600,000 a wata, kimanin naira 67 a kowace hira, na ƙaramin injin kuma naira 28,000, kimanin naira 3 a hira. Wannan adadi na kowace hira shi ne mai shago zai iya aunawa da ribarsa: idan a cikin mutum goma da suka yi magana ɗaya ne yake saye, to kowane ciniki yana ɗauke da naira 670 na hira a babban injin. A buhunan taki goma ba za a ji ta ba, a kwalbar magani guda kuwa tana iya cinye ribar. Wanda ya ga abin da ya faru daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala har ta haura 1,500 a 2024, ya san cewa kuɗin zai iya ninkawa ba tare da an ƙara saƙo ko ɗaya ba. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana da ɗan sauƙi ta nan, tun da sefa a ɗaure take da yuro, motsinta a kan dala bai kai haka ba. Ko ta ina, a yi lissafin da farashin da mutum yake sayen dalar da gaske, tare da cajin banki.

Wata ma ba ɗaya yake da wata ba. Mai taki ya san wayarsa ba ta hutawa daga faɗuwar ruwan farko har a gama zuba taki na biyu, da rani kuwa sai masu noman fadama. Ya kamata ya yi lissafi biyu, na watan da aka saba da na watan da ciniki ya fi zafi, ya ware kuɗi daidai da na biyun.

Bayan an fara aiki, mako guda ya isa a gane ko ƙiyasin ya tsaya. A raba kuɗin makon da yawan hirar makon, a kwatanta da abin da aka zata. Idan ya zarce, a dubi yadda tokin shiga yake da na fita. A misalinmu shiga ta ninka fita sau goma sha ɗaya. In aka ga ta kai ashirin ko talatin, to ko hirarrakin sun fi tsawon da aka zata, ko takardar umarni ta kumbura saboda an yi ta cusa mata sababbin kaya, ko kuma ana tura tarihin jiya da shekaranjiya tare da hirar yau don ba a sa manhajar ta rufe tsohuwar hira ba. In kuwa tokin fita ne ya yi tsalle alhali amsoshin da ake gani gajeru ne, a bincika ko injin da aka zaɓa yana cikin masu yin dogon nazari a ɓoye kafin su amsa, domin wannan nazari ana cajin sa a farashin fita ko da mai saye bai gan shi ba. Idan kuma yawan kiran injin ya fi yawan saƙonnin da suka shigo, akwai inda manhajar take maimaita turawa, wataƙila saboda yankewar intanet.

Kamfanonin suna da wurin da ake sa iyakar abin da za a kashe a wata, ko a zuba kuɗi tun da farko a riƙa cira. A sa iyakar sama da lissafin watan da ya fi zafi, a kuma sa gargaɗi ya zo tun an kai rabi, domin ranar da kuɗin ya ƙare manhajar shiru za ta yi, kuma dole a tanadi wanda zai karɓi wayar ya ci gaba da amsa wa mutane har a sake zubawa.